Kuɗina ya maƙale, wace wasiƙa zan tura?

"Na kai kaya, wa'adin biya ya wuce, mai saye ya yi shiru. Yaya zan tuna masa?"

Malam, wasiƙar farko ka ɗauka mantuwa ce. Mako ɗaya bayan wa'adi ka tura ta cikin ladabi, da lambar takardar kuɗin, adadin, da ranar da ya kamata a biya. Haɗa kwafinta, don kada a ce ba a gani ba.

Bayan mako biyu ta biyu ta bi, ka nemi ya faɗi ranar biya, ka tambaya ko yana da ƙorafi kan kayan. Sau da yawa nan gizo ke saƙar.

A ta ƙarshe ba roƙo. Ba shi kwana 7, ka ambaci matakin da za ka ɗauka, dakatar da kaya ko kotu. Amma kada ka yi barazanar da ba za ka cika ba, kuma tarar jinkiri sai in yarjejeniya ko doka ta yarda.