Garantin kayan waje: wanda ke biyo kaya gida da wanda ke tsayawa can

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yayana da ke Amurka zai saya mini laftop da waya, ya ce in zaɓi kamfani. Wanne ne garantinsa zai yi mini aiki a nan Kano idan abu ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Abin da za ki fara riƙewa shi ne, garanti ba takardar cikin kwali yake bi ba. Lambar siriyal yake bi, ita kuma lambar a rajistar kamfani tana ɗaure da ƙasar da aka sayar da kayan. Shi ya sa kamfani ɗaya zai karɓi kwamfutarki ya gyara, amma ya juya wa wayarki baya.

Apple ne misali mafi kusa. Garantin shekara 1 na MacBook yana aiki a ƙasashen da kamfanin ke da wakilan gyara, kuma akwai su a Legas. Amma a kan iPhone, sharuɗɗansa sun ba shi damar taƙaita gyara ga ƙasar da aka sayar da ita. Wani ya kai tasa an karɓa, wani an mayar da shi, kuma ba wanda zai yi ƙara, don a rubuce yake. Ga wani abu kuma: tun daga iPhone 14 ta 2022, samfurin Amurka ba shi da gurbin sim, sai eSIM, wato sim ɗin da ake sauke wa waya ba tare da an saka kati ba. Ƙirarsa daban ce da wadda ake kawowa nan, don haka ko wakilin ya so taimaka miki, kayan gyaran na iya gagararsa. Ana gane asalin waya a Settings, General, About, wajen Model Number. Mai ƙarewa da LL/A ta Amurka ce. Idan lambar ta fara da F, to gyararriya ce aka sake sayarwa.

Samsung ma garantin wayarsa na yanki ne, ta Amurka sai Amurka. Ni dai da zan ba ki shawara, yayanki ya turo kuɗin ki sayi wayar a nan hannun dila mai izini, da rasit ɗinki.

Laftop ce ta cancanci a sayo daga can, ita ma ba kowace ba. Lenovo na da tsarin da ya kira International Warranty Service, kuma ThinkPad ce ta fi shiga cikinsa. Ba sunan ake dubawa ba, lambar samfurin ake sakawa a shafin kamfanin ya nuna ƙasashen da za a karɓe ta. Idan babu Najeriya a jerin, magana ta ƙare. HP kuwa sharaɗinsa shi ne a ce yana gyara wannan samfurin a ƙasar da kike. To waɗancan masu araha da ake ƙera wa manyan kantunan Amurka kaɗai, nan ake yawan shan kunya da su.

Mu ɗauka Dell Latitude ya zaɓa. A ƙarƙashinta akwai lamba mai haruffa da alƙaluma 7, Service Tag. Kafin ta bar hannunsa ya saka lambar a shafin Dell, ya ga ranar da garanti zai ƙare. Sannan a cike fom ɗin sauya mai kaya da ƙasa, daga sunansa da Amurka zuwa sunanki da Najeriya. Fom ɗin na tambayar bayanan mai kayan na farko, shi ya sa yin sa tun yana riƙe da rasit ya fi sauƙi. Yakan ɗauki kwanaki, kada a jira sai ta mutu a fara. Kuma irin hidimar da ake yi a nan za ki samu. Alƙawarin zuwa har gida a gyara, wanda ya saya a can, ba lallai ya biyo ta Kano ba, wataƙila ke za ki aika da ita Legas.

Lissafin kwanaki daga ranar saye yake farawa. In ya saya a Janairu, ta zauna jiran mai zuwa gida har Afrilu, wata 3 sun tafi ba ki ko kunna ta ba. Gyararrun kayan da Amazon ke sake sayarwa da sunan Renewed kuwa, lamunin kwana 90 ne aka saba ba su, kuma can ake mayarwa.

Ko garantin ya biyo ki, bai ɗauki fashewa a hanya ba, balle ƙonewa idan an kawo wuta da ƙarfi. Ki duba caja, ya kamata ki ga 100-240V a jiki, domin wutarsu 120 ce, tamu 230. Idan kuma laftop ɗin ta soma ciwo, ki daure ki fara kiran wakilin kamfanin kafin ki nufi kasuwar waya ta Farm Centre. Duk ƙwarewar yaran wajen, ɓarnar da ta biyo bayan gyaran wanda ba shi da izini, kamfani ba ya biyanta.