Saƙon Hajiya ya zo a hargitse: in sayo kayan ko in jira?

Tambaya daga Daura: Salam. Ni ɗan aike ne, duk sati ina shiga Katsina sayo ma mutane kaya a babbar kasuwa. Wata Hajiya da nake ma sayayya ba ta iya rubutu a waya sosai ba, magana take yi wayar na rubuta mata. Ta turo kuɗi ta turo wannan a WhatsApp, na kira layinta a kashe:

```
I saw you mean boom she cover bill the manager gallon good the zero tea a go ma
```

Ni ban san wani manaja ba. Ya zan gane abin da take so, kuma in na gane in saya kawai?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, babu wani manaja a maganar nan kuma Hajiya ba Turanci ta yi ba. Hausa ta yi tsaf, allon rubutun wayarta ne ke kan Turanci, ita kuwa na'urar ba ta san ta ce ban gane ba, duk sautin da ya shiga mata sai ta lalubo kalmar Turancin da ta fi kama da shi ta ajiye. Shi ya sa in ka tsaya fassara kalmomin ɗaya bayan ɗaya ba inda za ka je, don ma'anar ta riga ta tafi, abin da ya saura a rubutun nan sauti ne kawai, to shi za ka bi.

Abin da za ka yi shi ne ka karanta shi da baki, a bayyane, da sauri, da irin lafazinmu na nan gida ba na ɗan boko ba, kuma kar ka tsaya a inda aka bar fili tsakanin kalmomi, don na'urar ce ta yanka su inda ta ga dama. Gwada farkon: I saw you mean. Faɗe shi sau biyu uku da sauri, a-so-yu-min, za ka ji a sayo min ya fito da kanshi. Kuma ai haka duk saƙon aike ke farawa, wannan ma wata dabara ce, ka riga ka san siffar saƙon tun kafin ka karanta: a sayo min, sai sunan kaya, sai ma'auni, sai adadi, sai da, sai wani kayan kuma. Da ka riƙe wannan a ka, the ɗin nan guda biyu da ke ciki sun bayyana, da ne, kuma su suka raba maka saƙon gida uku. Kenan kaya iri uku Hajiya ke so.

Ni na fi son in fara da wanda ya fi sauƙi, ba dole sai daga farko ba. Na tsakiya akwai gallon, wannan kam daidai aka ji shi tunda dama galan daga can muka aro. Me ake sayarwa a galan da ya yi kama da manager? Manja. Good kuma guda ne, wasalin ƙarshe ya faɗi. Manja galan guda. Na ƙarshe, zero tea a go ma, ka haɗe tea da a ka samu tiya, ka haɗe go da ma ka samu goma, to me ake aunawa da tiya mai sautin zero in ba gero ba. Baƙin farko kawai aka musanya, sauran na nan yadda suke. Gero tiya goma.

Na farkon ya fi wuya kaɗan. Boom buhun ne aka murƙushe shi ya koma gaɓa ɗaya, hakan na yawan faruwa da h in ta zo tsakanin wasula mutum kuma na sauri. She cover ka ƙirga gaɓoɓinshi, uku ne, shi-ko-ba, shinkafa ma uku ne, shin-ka-fa, ga sh ga k duk a mazauninsu. F ɗinmu ta Hausa da leɓɓa biyu muke yin ta, mutanenmu na nan wasu ma shinkahwa za su ce, to na'urar da ke sauraro da kunnen Turanci takan maida ta p ko b ko v. Duk inda ka ga ɗaya daga cikin waɗannan a irin saƙon nan ka gwada sa f a wurin ka ji.

Sai bill, kuma nan ne nake so ka tsaya da kyau don nan kuɗin mutane suke. Wurin adadi ne babu shakka, amma biyu ne ko biyar? Duka biyun da biy suke farawa, bambancinsu na ƙarshen kalma ne, daidai inda murya ke sauka kuma na'ura ta fi yin kuskure. Kuma akwai masu cewa biyal, in Hajiya na cikinsu to bill ya ma fi kusa da biyar ɗin. Kaga sunan kaya in an ɓata shi hankali na iya gyarawa, ba wanda zai aike ka sayo manaja a galan, amma buhu biyu da buhu biyar duk magana ce mai ma'ana, babu abin da zai nuna maka an yi kuskure. Haka sha ke ɓacewa, sha biyu ya dawo biyu, haka in mutum ya faɗi kuɗi da Turanci sha biyar da hamsin ke rikicewa, ko sha uku da talatin, tunda a bakinmu kusan ɗaya suke fita. Mafi muni a ciki shi ne kalmar kar ko kalmar ba ta ɓace daga farkon magana, wani lokacin mutum na fara magana kafin makirfon ya gama buɗewa, sai kar a sayo ya iso maka a matsayin a sayo.

To nan sai ka bar sautin ka koma kan alat. Ka cire kuɗin manja galan guda da gero tiya goma a farashin ranar, ka cire na mota da naka, abin da ya rage ka raba da kuɗin buhu ɗaya. Tsakanin biyu da biyar tazarar na da yawa, lissafin zai nuna maka ɗaya. Sannan ka hau sama cikin hirarku ka ga me ta saba saya, in kullum biyu take ɗauka kuma ba biki ba azumi, ga hujja ta biyu.

Shawarata a kan sayen: manja da gero ka saya, sauti da ma'auni da hankali duk sun yarda da su. Shinkafa in kuɗin ya yi daidai da biyu ka ɗauki biyu. In kuma lissafin bai zauna ba, misali kuɗin ya wuce na biyu bai kai na biyar ba, ka ɗauki biyu dai, don ko wanne ta nufa biyun na ciki, cikon ya fi maidowa sauƙi. Kuma tun kana kasuwa ka tura mata saƙon murya, ba rubutu ba tunda karatun na mata wuya, ka ce Hajiya barka da rana, na ji shinkafa buhu biyu, manja galan guda, gero tiya goma, in ba haka ba ne a kira ni kafin la'asar. Ka nemi lambar wani a gidan ma ka ajiye don gaba. Abu ɗaya da ban yarda a yi mashi wannan canki-cankin ba shi ne magani da lambar akawun, in saƙon na sunan magani ne ko yawan da za a sha ko inda za a tura kuɗi, a jira har a ji daga bakin mai shi ko a ga hoton kwalin.

Tambaya daga Katsina: Ina sayar da kayan miya da na girki, da murya nake rubuta ma masu kawo min kaya. Jiya na ce a kawo kanwa ta rubuta ƙanwa, na ce zuma ta rubuta zuba. Waya zan canza ko abin kunne mai makirfo zan saya?

'Yar'uwa kar ki canza waya a kan wannan. Taki ma ta fi ta sama sauƙi don alamu sun nuna allonki na kan Hausa, tun 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake iya rubutawa da murya a Gboard, wato allon rubutunsu na waya. Sai dai kuskuren wannan ɓangaren ya fi ɓoyewa, saboda kalmar da ke fitowa Hausa ce ta gaske, kawai ba ita kika faɗa ba. Yawanci a wurare sanannu yake: k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ, sai kalmomin da rubutunsu ɗaya amma jan wasali ko karin sauti ya raba su, irin gari na tuwo da gari na mutane. Wanda ya karɓi saƙon ya cire lanƙwasar ko ya sa ta, ko ya canza baƙi ɗaya, ya ga wanne ne ake sayarwa a shagonki. Ke kuma ki riƙa haɗa kayan da ma'auninshi ko siffarshi, jar kanwa, zuma kwalba biyu, don na'urar na duba kalmomin da ke kewaye kafin ta zaɓa, kalma ita kaɗai ta fi saurin ɓata.

Sabuwar waya mai tsada ba za ta gyara wannan ba, don a yawancin wayoyi ba cikin wayar ake gane maganar ba, ta intanet ake tura ta, shi ya sa ma in netwok ya yi rauni sai ki ga an tsallake kalmomi. Abin kunne mai waya, na ɗan kuɗi kaɗan, shi kam yana taimakawa in hayaniya ce matsalar, janareto ko injin markaɗe ko masu ciniki a kanki, tunda makirfon na matsowa kusa da baki. Kafin ki saya ki gwada: ki shiga ɗaki shiru ki faɗi jimlar nan, ki fito bakin shago ki sake faɗinta. In a ɗaki ta fito daidai a waje ta lalace, saya. In duka biyun kuskure ɗaya ne, abin kunne ba zai ƙara miki komai ba.

Ki kuma riƙa duba dogon maɓallin tazara kafin ki danna makirfo, sunan harshen da allon ke kai na rubuce a jikinshi in kin sa harshe fiye da ɗaya, in kika danne shi na ɗan lokaci zai ba ki zaɓi. Wanda bai da Hausa a nashi, irin Hajiyar Daura, ga inda ake ƙara ta a saitin Gboard:

```
Settings > Languages > Add keyboard > Hausa
```

Bayan kin danna makirfo ki ɗan jira ya nuna yana sauraro kafin ki fara, ki faɗi kaya ɗaya ki tsaya ki duba, adadin kuma ki buga shi da hannu da lamba, 2 ko 5 ko 12, wannan ko wanda bai iya rubutu sosai ba zai iya.