Sakamakon manhajar tantancewa da bayanin neman tallafin karatu

"Ni na rubuta bayanina da kaina, amma manhajar tantancewa ta ce na'ura ce ta rubuta fiye da rabinsa. Kwamiti zai watsar da takarduna?"

Malama, kwamitin da ya san aikinsa yana ɗaukar wannan adadi a matsayin dalilin sake dubawa, ba ya yanke hukunci da shi kaɗai, domin manhajojin suna auna yadda kalmomi ke bin tsarin da aka saba gani ne kawai. A 2023 masu bincike a Jami'ar Stanford sun gano cewa irin waɗannan manhajoji sun jingina wa na'ura fiye da rabin rubuce-rubucen jarrabawar gwajin Turanci ta TOEFL, alhali ɗaliban da Turanci ba harshensu na gado ba ne suka rubuta su, kuma mu ma a wannan sahu muke.

Abin da ya fi nauyi shi ne ko bayanin ya dace da sauran takardunki. Idan kin ce kin koyar da yara a Rigasa, za su nemi ganin hakan a wasiƙar wanda ya tsaya miki, kuma a ganawa za su iya tambayar yara nawa ne da abin da kika yi lokacin da iyaye suka janye 'ya'yansu. Wanda na'ura ta rubuta masa, a nan yake kame-kame.

Ƙa'idar kowane shiri daban ce: wasu sun yarda da gyaran nahawu, wasu sun hana taimakon na'ura baki ɗaya, saboda haka ki karanta tasu kafin ki aika. Ki adana daftarinki na farko da tarihin gyare-gyarensa. Kada ki ɓata jimlolinki don adadin ya sauka, domin mutum ne zai karanta su.