Awon tsayin yara idan babu takardar haihuwa

Tambaya: Salam malam, ni sabuwa ce a aikin anketi, muna bin gida-gida a ƙauyukan Mirriya da ke Nijar, amma yawancin uwaye ba su san ranar haihuwar yaro ba kuma babu takarda. To a kwance zan auna shi ko a tsaye, kuma wata nawa zan rubuta?

Amsa: Wa alaikis salam malama. Ƙa'ida dai wanda bai kai wata 24 ba a kwance ake auna shi a kan allon awo, daga wata 24 a tsaye. In watannin ba su samu ba sai tsayin ya raba gardama, ƙasa da santimita 87 a kwance, daga 87 a tsaye. Kullum ki rubuta yadda kika auna, don awon kwance ya fi na tsaye da kusan santimita 0.7, wajen lissafi za a gyara.

Amma wallahi abin da ya fi damuna watannin ne. Uwa za ta ce miki "shekara biyu gare shi", ke kuma ga rana ga gajiya sai ki rubuta 24 ki wuce. A ce namiji ne, an auna shi a tsaye ya ba da santimita 84. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006, namiji ɗan wata 24 sai ya gaza santimita 81 ake cewa ya tsumbure, ɗan wata 30 kuwa iyakarsa kusan 85 ce, kin ga da 24 yaron nan lafiya lau ya fito alhali in watansa 30 ne yana cikin waɗanda muke nema, kin ɓoye shi ba da niyya ba.

To ki fara tambayar karnen rigakafi ko na awon ciki. In babu, ki ɗauko kalandar abubuwan da suka faru a yankin ki sa haihuwar tsakanin abu biyu. Misali kina aiki a Janairu 2026, uwar ta ce da cikinsa ta yi aikin naman layya, kuma an riga an yi suna lokacin da aka ji juyin mulki a radiyo. Layyar 2023 ƙarshen Yuni ta faɗo, juyin mulki 26 ga Yuli, kenan Yuli 2023 aka haife shi, wata 30. Ki ƙara tambayarta ko an yi shuka ko ana noman gero lokacin, saboda watannin Musulunci suna ja baya da kwana kusan 11 duk shekara, salla kaɗai za ta iya kai ki wata shekarar daban.

Roƙona guda, kar ki dubi tsayin yaro ki ƙiyasta watanninsa, gajere zai koma ƙarami a takarda kenan. Da yamma ku duba takardunku, in 12 da 24 da 36 sun yi ta maimaituwa to ƙiyasi ake yi, a sake zama kan kalandar kafin fita gobe.