Maganin Korar Maciji Zan Saya, Ko Me?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a yankin Ɓilliri. Sau biyu a watan nan muna ganin maciji kusa da rumbu. A kasuwa ana tallar wata hoda mai wari da kuma na'urar da ake kafawa a ƙasa tana girgiza, wai suna korar maciji. Kuɗina ba zai kai in sayi komai da komai ba, wanne zan ɗauka? Sannan yarona ya karanta cewa maciji mai rami a fuska da ido irin na kyanwa shi ne mai dafi. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Shawararmu ita ce ka bar hodar da na'urar a inda ka gan su. Dalilin yana cikin yadda maciji ke samun abincinsa.

Harshen nan mai reshe biyu da kake gani yana fitarwa yana mayarwa ba ya sara, ba ya kuma ɗauke da dafi. Aikinsa ɗebo ƙanshi. Yana lakato burbushin wari daga iska da ƙasa, ya kai shi cikin baki, inda wasu 'yan ƙofofi biyu a ganɗa ke isar da shi ga gaɓar da masana ke kira da sunan Jacobson. Da yake reshen biyu ne, maciji na gane ta wane ɓangare warin ya fi ƙarfi, dama ko hagu, sai ya karkata can. Da haka yake bin sawun ɓera cikin duhu. Kasa ma takan sari ɓera ta sake shi ya gudu, bayan ɗan lokaci ta bi warinsa har inda ya faɗi.

To ka ga abin da ya kawo maka baƙo. Rumbu na tara ɓeraye, ɓeraye na barin fitsari da kashi a hanyoyinsu, maciji kuma wannan hanyar yake karantawa. Hodar da ka barbaɗa rana za ta cinye warinta, ruwan sama ɗaya ya wanke ta, ɓeran kuwa yana nan kowane dare yana sabunta sawunsa. Galibin irin hodar nan ma ƙwayar kafur ce ko farar wuta, kuma kafur na cutar da yara da kaji idan suka ci. Ita na'urar girgiza, gaskiya ne maciji na jin motsin ƙasa ta haɓarsa, amma girgizar da ba ta sauyawa dabba na sabawa da ita. Kalanzir da baƙin mai da wasu ke zubawa su ma ɓata ƙasa kawai suke yi.

Idan kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi dogon takalmin roba mai kauri da ke kaiwa kusa da gwiwa. Yawancin saran da manoma ke samu a ƙafa ne, sai hannu, lokacin noma da girbi. Ka lanƙwasa takalmin kafin ka biya. Wanda ya naɗe kamar leda ba shi da amfani. Bayansa sai tocila mai haske sosai don fita da dare, sai gidan sauro da za a cusa gefensa ƙarƙashin katifa, domin gamsheƙa na shiga ɗaki ta sari mai barci. Abin da ya rage a sa shi a tarkon ɓera da ragar waya mai ƙananan idanu, kamar milimita 6, a toshe magudanar ruwa da ƙasan ƙofa. Sauran aikin ba na kuɗi ba ne: a share ciyawa taku uku zuwa huɗu kewaye da rumbu, a ɗage itacen girki da tarin bulo daga jikin bango.

Yanzu batun da yaronka ya karanta, wanda shi ya fi damunmu. Abin da ya gani an rubuta shi ne don mutanen Amurka. A can, macizai irin mai ƙararrawa a wutsiya suna da rami ɗaya tsakanin ido da hanci a kowane gefe. A cikin ramin akwai siririyar fata da ke jin ɗumin jikin dabba daga ɗan nesa, kamar taku ɗaya, har macijin ya kai sara daidai ko da babu haske ko kaɗan. Wannan dangin akwai su a Amurka da Asiya, babu su a Afirka. A ƙasarmu mai ramukan jin zafi ita ce mesa, nata a jere suke a ɓawon leɓe, kuma mesa ba ta da dafi, matsewa take yi. Kububuwa da kasa da gamsheƙa, waɗanda su ne ke kwantar da mutane a asibiti, duk ba su da ramin. Wanda ya ɗauki ƙa'idar Amurka ya shiga gonar Gombe da ita, ya juya gaskiya kanta a ƙasa.

Ido ma haka. Gamsheƙa ƙwayar idonta zagayayya ce. Mesa da macijin gida mai ruwan ƙasa, wanda ke da farin layi a gefen kai kuma ɓera ya fi ci, su ma suna da ido irin na kyanwa alhali ba su da dafi. Siffar kai ita ma ba abin dogaro ba ce, tunda macizai marasa dafi da yawa kan baje kansu idan sun tsorata. Kuma duk wanda ya matsa har yana duba ƙwayar idon maciji ya riga ya shiga inda sara ke kaiwa.

Abin da ke aiki shi ne ka san masu haɗarin yankinka ɗaya bayan ɗaya, daga nesa. Kububuwa, wadda ake kira gobe da nisa, gajera ce, da wuya ta wuce santimita 60, launin ƙasa-ƙasa da fararen ɗigo a jere. Idan ta fusata takan naɗe jiki tana goga ɓawonta da juna, ka ji sauti kamar an zuba ruwa a mai mai zafi. Kasa kakkaura ce mai faɗin kai, ba ta gudu, kwanciya take yi a hanya tana huci. Gamsheƙa na ɗaga gaba ta baje wuya, tana kuma feshin dafi a ido daga nisan mita 2 ko fiye. Idan ya same ka, a wanke idon da ruwa mai yawa na tsawon minti 15 a tafi asibiti.

Akwai biyu masu rikitarwa. Maciji mai shan ƙwai kusan ba shi da haƙori, amma yana kwaikwayon kububuwa a zane da sautin gogar ɓawo, don haka duk wanda ya yi wannan sautin ka ɗauke shi kububuwa ce. Na biyun ya fi muni: wani ɗan baƙin maciji mai sheƙi da ƙananan idanu, mai zama cikin ƙasa, da ke fitowa bayan ruwan sama. Kamar ba ya komai, amma haƙorinsa ta gefen baki yake fitowa ko bai buɗe bakin ba, riƙe shi a wuya ba ya hana shi soke yatsa. A hana yara ɗaukarsa, haka ma duk macijin da aka kashe, domin kan da aka sare na iya sara.

Idan sara ya auku, kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a ɓata kuɗi a baƙin dutse. Saran kububuwa na yaudara: mutum na iya zama garau da farko, daga baya jini ya fara fita ta dasashi ko fitsari. A asibiti ana ɗibar jini kamar mililita 2 a busasshiyar kwalbar gilashi a ajiye minti 20. Idan bai daskare ba, dafin ya shiga jini kuma ana buƙatar allurar kashe dafi. Kai kana da sa'a asibitin masu saran maciji na Kaltungo na kusa da kai, ka tanadi lambar mai babur ko mota da zai amsa kira da tsakar dare.