Bidiyon farashin sari: ga abin da ya same ni a kasuwar Mile 12 ta Legas

"Salam 'yan'uwa. Ina sayar da albasa a Mile 12, ina so in yi ɗan bidiyo na farashin sari don masu ɗaukar buhu da yawa. Me zan faɗa a ciki? In ambaci kuɗi ko in ce a kira ni?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don ni bidiyon nan ya taɓa jawo mini abin kunya a gaban rumfata. Ka ambaci kuɗi. Matan da ke zuwa daga Ikorodu da Oshodi ba sa kiran wanda ya ɓoye farashi, gaba suke yi. Amma kafin kuɗin ya fito daga bakinka, ka faɗi ranar da kake magana, da bakinka, ba a rubuce a ƙasa ba.

Ni na yi nawa lokacin kaya na da sauƙi, na ce buhu dubu 48 ga mai ɗaukar sari, ban faɗi rana ba. Wani dillali da nake ba shayi kullum, mutumin da ya sha kwana a rumfata, ya sauke bidiyon daga WhatsApp, ya yanke ƙarshen inda lambata take, ya liƙa tasa. Bayan sati uku motoci sun yi ƙarancin shigowa, buhu ya kai dubu 55. Sai ga shi da wata Iya, ta ɗauko shatar mota tun daga Ikorodu, buhu 20 take so. Ta ɗaga waya sama, ga fuskata ga muryata ina cewa dubu 48. Tana ihu da Yarbanci tana kirana ɓarawo, 'yan dako sun ajiye kaya suna kallo, maƙwabtana sun yi tsit. Shi kuwa gogan ya zame ya tsaya bayan wata tirela kamar bai san ta ba. Bambancin dubu 140 ne, dattawan layinmu suka raba mana, na yafe dubu 70. Kuɗin bai dame ni kamar yadda washegari ya zo ya miƙo mini hannu yana murmushi ba. Har yau in na hango shi sai na ji ɗaci a maƙogwaro. Allah ya isa dai.

Yanzu ga yadda nake faɗa, ka sa naka kuɗin: "Yau Talata 14 ga wata, daga Mile 12. Tsohuwar albasa ce busasshiya, daga Aliero. Buhu 5 zuwa 19, kowanne dubu 55. Farashin bakin rumfa ne, kuɗin dako da na mota na mai saye ne. Wannan farashi na yau zuwa gobe ne kawai. Mai son buhu 20 zuwa sama ya kira wannan lamba, da ragi." Lambar ka faɗe ta a tsakiya, kuma ka rubuta ta a kwali ka jingina da buhun, yadda ba mai iya yanke ta sai ya yanke kayan.

Farashin buhu 20 kuwa ban yarda a sa shi ba. Na kusa da kai zai gani ya rage naira 500 ya kwashe maka mutane, mai buhu 5 kuma zai zo ya kafe shi ma haka za ka ba shi.

Kada ka tsaya dogon gaisuwa da "kaya masu kyau da rahusa". 'Yar sari ta san saman buhu ado ne. Ka sa yaro ya zazzage buhu ɗaya a kan tabarma tana gani, ka ɗauko ta ƙasa ka matsa wuyanta, ka yanka ta biyu. In sabuwa ce mai ruwa ka faɗa, don a damshin Legas ba ta jure ajiya, kuma wadda ta yi asara sau ɗaya za ta gaya wa duk layinsu. Kada ya wuce minti ɗaya, ka ɗauka da safe bayan an gama sauke mota, hayaniya ta ɗan lafa.

Af, harshe. Na Hausa 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba kawai zai kai wa. Ka sake wani da buroka, ko ka samu yaro mai jin Yarbanci ya faɗi kuɗin, amma ka tsaya kusa da shi a ga fuskarka. Kuma duk wanda ya ce a ajiye masa kaya ya turo kafin alƙalami, ka ga kuɗin a asusunka da idonka, ba hoton rasit ba. Wannan ma wani labarin ne, shi ma ta hannun mutumin nan ya biyo.