Hoton fasfo: kai ake fara aunawa

"Kawu barka da hutawa. Fom ɗin bizar karatun nan sun ce hoto 35 da 45 mm, 300 DPI. Na ɗauka da waya na rage shi zuwa 413 da 531 kamar yadda anka ce min, huskata ta yi faɗi, da na kai wanki kuma sai yah hito ƙato ya cika takarda. Mi ya jawo? Kuma don Allah mi yas sa ku mutanen da kuke barin farin gefe a hoto, al'ada ce ko dole ce?"

Ɗana, sai da na yi dariya har innarka tat tambaye ni lahiya. Wai mutanen da. To mun gode. Amma bayan dariyar na ɗan damu, don na buɗe hoton da ka turo, wanda ka matse ɗin, kuma wallahi in da a hanya anka nuna min shi cewa zan yi wani ɗan uwanmu ne mai ƙiba da ban sani ba. Da wannan ka so ka je gaban masu biza?

Bari in ba ka labari tukuna. Shekarar da anka raba jihar Arewa maso Yamma, 1976 ke nan, ina yaron shago wurin maigidana nan cikin gari, Allah shi jiƙan shi. Lokacin cika takardun maniyyata ne, ga zahin bazara irin na Sakkwato, ruwan maganin wanki ma sai mun tsoma kwalbar cikin randa ta huce in ba haka ba hoto ya ƙone tun ba ka ƙirga goma ba. Mota ta sauke mutane daga wajen Gwadabawa, cikinsu akwai wani dattijo mai sarauta, rawani wane kai, amawali ya ruhe baki da haɓa, idanu da hanci kaɗai kake gani. Maigida ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata, sannan yac ce ranka shi daɗe a taimaka a sassauta amawali ƙasan haɓa. Yaran dattijon sunka taso kamar za su ci mu. Shi ko dattijon murmushi yay yi yac ce ai inda za shi ma ba a shiga da rawani, ya sa hannu ya ja shi ƙasa da kanshi.

Rigimar gaske sai a ɗakin duhu. Akwai injin da muke saka nagatif a sama, shina haska hoton ƙasa bisa takarda, in ka ɗaga kan injin hoto ya girma in ka sauke ya ƙanƙance, kuma tsawo da faɗi tare suke tahiya, babu yadda za ka yi ka ja ɗaya ka bar ɗaya. Maigida na da ɗan kwali da ya yanke taga a tsakiya daidai girman hoton fasfo, da rular ƙarhe da ba ya ba kowa aro. Ya sauke injin har huska ta kai awon da yake so, sai ga saman rawani ya hita daga tagar. Ya ƙara saukewa rawani ya shiga duka, sai huska ta koma ƙarama. Ina tsaye ina riƙe da takarda gumi na ɗiga, ya jima shina kallo, sannan yac ce "huska za a duba a iyaka, ba rawani ba", ya mayar da injin inda yake ya bar kwali ya ci saman rawanin. Washegari babban ɗan dattijon ya ga hoto ya ɓata rai wai an yanke ma babanshi girma. Maigida bai ce uffan ba, ya jawo wani babba da ya wanke mishi kyauta, rawani cikakke har da sanda, yac ce wanga na zaure ne, wancan na hukuma. Da shi anka tahi ana ta shi albarka.

Mu abu biyu muke da shi, ko a yanke ko a bar fili. Ku kun samu na uku, matsewa, kuma shi ka yi. Hoton wayarka, in an ƙirga fiksel, ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su ba da hoto, 3000 ne a faɗi, 4000 a tsawo, wato uku bisa huɗu. Shi ko 35 da 45 bakwai bisa tara ne, ya ɗan fi faɗi. Da ka cire makullin da ke haɗa Width da Height ka rubuta lambobin da ƙarhi, sai injin ya ja ka gefe da gefe kusan kashi 4 cikin ɗari. Kaɗan ne a lissahi amma ido na gani a kumatu, kuma in kana son shaida dubi maɓallin rigarka a hoton, da'ira ne amma ya zama kamar ƙwai.

Su lambobin da anka ba ka daidai suke. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma 300 DPI na nuhin ɗigo 300 za a jera cikin kowane inci na takarda. Raba 35 da 25.4 ka ninka da 300, ka samu 413. Yi ma 45 haka, 531 da rabi, wasu su rubuta 531 wasu 532, rabin ɗigo ba ya hana kowa biza. Abin da ba a gaya maka ba shi ne ba da su ake farawa ba. Maigida kullum cewa yake "auna kai, jiki zai bi".

To mu auna naka. A asalin hoton, daga haɓa zuwa ƙoƙon kai na ga kusan fiksel 1800. Yawancin fom ɗin ƙasashen Turai masu 35 da 45 suna son kai ya ci milimita 32 zuwa 36, na Ingila 29 zuwa 34, don haka karanta naka da kyau kada ka bi bakina. Mu ɗauki 34. In kai 1800 shi ne 34, to tsawon hoton duka 1800 sau 45 raba 34, ya ba ka 2382, faɗi kuma 1853. Wannan shi ne kwalin maigida. A Photoshop ka ɗauki Crop, ka sa Ratio 35 da 45, ka ja har ya kai wajen wannan awo, hanci a tsakiya, ɗan fili sama da kai, sauran a kafaɗu. Bayan ka yanke ne za ka shiga Image Size, makulli a kulle, Resample a kunne, Resolution 300, ka sa faɗi 413, tsawo zai sauko da kanshi. Ka ga daga 1853 muka sauko zuwa 413, ragewa ba ta ɓata hoto. Ƙarawa ce ke ɓatawa, don injin ƙirƙiro ɗigon da babu yake yi.

Sai batun ƙaton da yah hito. Ita DPI ɗin nan da ke cikin fayil ba wani abu ba ce illa 'yar takarda da aka liƙa tana cewa ga yadda za a jera ni, ba ta ƙara ma hoto ko ɗigo ɗaya, kuma ba kowane inji ke karanta ta ba. Injin wanki na shago an saita shi ya cika takarda inci 4 da 6 da duk abin da anka ba shi. Ka miƙa mai ɗigo 531 na tsawo ya shimfiɗa su a inci 6, ya zama kusan 88 a kowane inci maimakon 300, shi yas sa ya yi girma kuma ya yi hazo-hazo, ƙila ma ya ci gefen kafaɗarka. Yaron shagon ma na tabbata bai ɗaga kai daga wayarshi ba, kuɗi ya karɓa ya danna. A zamaninmu yaro ya miƙa ma mutum aiki bai ɗora rula ba, ranar bai cin tuwon gidan.

Magani shi ne ka ba injin abin da ba zai iya ja ba. Takarda 6 da 4 a 300 DPI fiksel 1800 ne da 1200. Buɗe sabon fayil fari mai wannan girma a kwance, ka ɗauko ɗan hoton naka ka jera huɗu a sama huɗu a ƙasa ba tare da ka taɓa girmanshi ba. Huɗu sau 413 ya ba ka 1652, saura 148 ka raba tsakaninsu da gefe. Biyu sau 531 ya ba ka 1062, saura 138. Takwas ke nan a kuɗin wanki ɗaya. In guda ɗaya kake so, Canvas Size za ka shiga, kada ka kuskura ka shiga Image Size, ka sa 1800 da 1200 da launi fari, hoto ya zauna tsakiya abinshi. Kada ka manna su a bakin takarda sosai, injunan da ke wanki ba gefe suna ɗan faɗaɗa hoto su ci baki, ka ce ma yaron ya kashe wannan in zai iya. In firintar gida ko ta shagon kwamfuta ce ka zaɓi Actual size ko 100%, ka guji Fit to page. Kuma in za ka tura ta WhatsApp ka tura a matsayin Document, in ba haka ba zai matse nauyin ya lalata maka gashin gira da gefen ido.

Abu ɗaya da cikon fari ba ya gyarawa: in ka kusanto da waya da yawa. A ce kai ya ci 3300 cikin 4000 ɗin nan, lissahi zai nemi tsawo 4368, ba ka da shi. Yaran yanzu sai su ƙara fari a sama da gefe su cike. To bangon ɗakinku ba fari tas ba ne, balle da ƙurar hunturu, layin haɗin zai hito, kafaɗu kuma su yanke a iska kamar an sare su. Wannan sake ɗauka ake yi. Ka ba wani wayar ya ja baya kamar taku biyu, kai ma ka matso daga bango don inuwa, a inuwar zaure da hantsi haske ya fi kyau. Ka bar ɗaukar kanka da hannu, shi ke kumbura hanci.

Farin gefen namu kuwa, to, wani ɓangare ƙarhen da ke danne takarda ne ke ruhe haske a bakin sai wurin ya tsaya fari, wani ɓangare kuma wurin kama hoto ne da yatsa da wurin bin almakashi. Ko akwai wani dalili bayan wannan, maigida bai taɓa faɗi ba, mu kuma a lokacin ba a tambayar babba mi yas sa. Kai dai naka in ka yanke kada ka bar ko zare na fari, 35 da 45 ɗin hoto ne zalla.

In an wanke kada ka bar shagon sai ka ɗora rula, faɗi santimita 3 da rabi, tsawo 4 da rabi, haɓa zuwa ƙoƙon kai kusan 3.4. In ya wuce da fiye da milimita ɗaya a sake. In kuma ka ga abin zai sha maka kai ka biyo ran Juma'a bayan an sauko masallaci da asalin hoton, wanda ba ka taɓa ba. Ka yi aski kahin nan, don sumar nan taka ma sai ta ci milimita uku. Ka gaida mahaihiyarka, ka ce mata har yanzu ina jiran ƙulli-ƙullin da ta yi alkawari.